Gurabe goma sha bakwai: aikin waƙa da 'yan aji biyar

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Hedimasta ya amince in riƙa ɗibar rabin darasin Hausa na Litinin da Laraba ina koya wa 'yan aji biyar rubuta gajerun waƙoƙi har ƙarshen zango. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada karatu da shifta su tsaya. Na ce masa, ranka ya daɗe, ai don su ne ma nake son yin, domin yaron da ya iya raba kalma gaɓa-gaɓa ya kusa iya rubuta ta.

Da haiku za mu fara. Waƙa ce ta mutanen Japan mai ɗango uku: na farko gaɓa 5, na biyu 7, na uku 5, jimla 17. Ba ta da amsa-amo. A al'adarsu ana sa kalmar da za ta nuna lokacin shekara, kuma ana ajiye abu biyu kusa da juna a bar mai sauraro ya haɗa su da kansa. Gwaninsu da aka fi sani, Basho, ya rayu daga 1644 zuwa 1694, kuma waƙarsa mafi shahara a kan kwaɗo ce da tsohon tafki. Na zaɓi haiku ne saboda gajartarta. Yaron da layi biyu ke gajiyar da shi zai iya kai ƙarshenta. Sai sun saba da ita za mu koma sakakkiyar waƙa, wadda ba ta da ƙidaya ko amsa-amo.

Sayayyar da na yi a Ringim, daga aljihuna: littattafan rubutu 20 a kan ₦250, wato ₦5,000, na sa tela ya raba kowanne biyu suka zama 40. Farin kwali 6, ₦1,200. Maka 2, ₦800. Alli, ₦1,000. Duka ₦8,000.

Laraba, 9 ga Oktoba

Tafi da sunayen abubuwan gida: ge-ro, rum-bu, tsa-mi-ya, ma-ka-ran-ta. Da ƙarar tafin, 'yan aji shida suka leƙo ta taga.

Litinin, 14 ga Oktoba

Yau na gane inda ƙidayar ke karkacewa, kuma ba wuri ɗaya ba ne.

Masu iya rubutu haruffa suke ƙirgawa. Na rubuta "tsuntsu" a allo, wani ya ce bakwai. Da baki kuwa sau biyu kawai ya tafa. Idonsa ne ya yaudare shi, kunnensa na nan daidai. Haka suke yi da duk kalmar da ke da sh, ts, ky, gw ko ƙw, alhali kowannensu sauti ɗaya ne da aka rubuta da harafi biyu.

Waɗanda ba su iya rubutu ba matsalarsu daban ce. Idan suka ja kalma a hankali don su tafa, sai su cusa wasalin da babu shi. "Rumbu" ta koma ru-mu-bu, "girbi" ta koma gi-ri-bi. Wannan ya fi wuyar kamawa, domin yaron ya tafa sau uku kuma ya faɗi abu uku, a ganinsa bai yi kuskure ba. Abin da ya yi magani shi ne na hana jan kalma. Ka faɗe ta yadda za ka faɗa wa Inna a gida, bayan hannunka a ƙarƙashin haɓa, ka ji sau nawa haɓar ta taɓa hannun. A "rumbu" sau biyu take sauka, ko an so ko an ƙi.

Sai kuma ai da au. Kusan rabin aji sun ce "rai" gaɓa biyu ce. Na jera musu "rai", "kai", "sau", "yau" a gefe guda, "sa'a" da "jama'a" a ɗaya gefen, muka yi ta faɗa har suka ji ɗan tsayawar maƙogwaro da ke raba sa da 'a, wadda babu ita a "sau". Dokar da na rubuta a kwali na manna a bango ita ce: ƙirga wasula, kowane wasali gaɓa ɗaya, amma ai da au ɗaya ake lissafa su. Gaɓar Hausa ba ta ɗaukar cibiya biyu, shi ya sa dokar ke aiki.

Laraba, 16 ga Oktoba

Mun fita gindin darbejiya. Kowane rukuni ya tona gurabe a ƙasa kamar na dara, layi uku, biyar, bakwai, biyar, aka tara 'ya'yan tsamiya 17. Gaɓa ɗaya, ƙwaya ɗaya a gurbi. In ƙwaya ta rage a hannu ɗango bai cika ba, in gurbi ya ƙare baki bai gama ba ya yi yawa. Ba sai na duba wa kowa ba, su da kansu suke kama juna. Wannan bai ci ko kwabo ba, kuma ya fi kwalin da na saya amfani.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ranar kasuwa ta haɗu da yankan riɗi, waɗanda suka zo ba su kai ashirin ba. Maimaici kawai muka yi.

Laraba, 23 ga Oktoba

Waƙoƙin farko sun fito, kuma raina bai yi daɗi ba duk da ƙidayar ta zauna. Ga wadda shugaban aji ya kawo:

Ilimi haske
Ku zo mu yi karatu
Jahilci duhu

Biyar, bakwai, biyar, babu ragi babu ƙari. Amma babu abin da ido zai gani a ciki. Irinta ta kai goma sha: biyayya ga iyaye, tsafta, zaman lafiya. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Waƙar da suka tashi suka ji a makaranta ko a rediyo nasiha ce ko yabo, kuma nasiha abu ne mai daraja a wurinmu. Sai dai haiku ba wurin wannan aikin ba ce.

Ban ce masa bai yi daidai ba. Na ba wata yarinya alli na ce ta zana waƙar a allo. Ta tsaya riƙe da alli, can ta ce, "Malam, me zan zana?" Na ce to wannan ita ce jarrabawarmu daga yau. Duk waƙar da aka kawo, wani zai fito ya zana ta, ko ya kwaikwayi ƙarar da ke cikinta, ko ya faɗi warin da ya ji. In babu ko ɗaya, a koma gurabe.

Aikin gida: kowa ya zo da abu ɗaya da ya gani da idonsa tsakanin la'asar da magariba. Ba waƙa ba, magana kawai.

Litinin, 28 ga Oktoba

Zan rubuta wannan dalla-dalla domin ita ce hanyar da zan riƙa bi da sauran.

Wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta kawo wannan: "Mata suna sussuka a gidanmu da yamma, ƙaiƙayi yana tashi, kaji suna ci." Muka sa a gurabe, gaɓa 26. Sai an zubar da tara.

Aji suka ce a cire kajin. Na ce kafin a cire komai bari mu tambaye ta. Na ce, "Yarinya, a ina ƙaiƙayin ya sauka?" Ta yi shiru, sannan ta ce a kan ɗankwalin Innarta, har baƙin ɗankwalin ya koma fari. Wannan ba ya cikin abin da ta rubuta, kuma shi ne waƙar. Kowa a ajin ya san ana sussuka da yamma. Ɗankwalin nan ita kaɗai ta gan shi.

Daga nan ragin ya zo da sauƙi. "Mata suna" ta tafi, domin an san mata ke sussuka. "A gidanmu" ta tafi, domin Inna ta riga ta faɗi gidan. "Sussuka da yamma" gaɓa shida ce, muka ɗaure ta ta zama "sussukar yamma", biyar cif. "Ɗankwalin Inna" ma biyar ce, ɗan-kwa-lin In-na. Saura na tsakiya. Ta fara da "ƙaiƙayi ya sauka kan", wanda ya cika bakwai, amma da ta karanta da ƙarfi kowa ya ji "kan" tana reto a ƙarshen ɗango ba abin da ta hau. Na ce ta nemo aikatau ɗaya mai gaɓa uku da zai maye gurbin "sauka kan". Aka ce "ya zubo", bai kai ba. Aka ce "ya mamaye". Ita ta ce "ya lulluɓe", domin, in ji ta, kamar mayafi ya yi mata.

Sussukar yamma
ƙaiƙayi ya lulluɓe
ɗankwalin Inna

Yaron da ya fito zana ta bai tambayi komai ba. Ya zana turmi da mace da ɗige-ɗige a kanta. Ba a ambaci kaka ba, amma duk wanda ya ji ya san sabon gero ya shigo gida. Abin da Japanawa ke nema da kalmar lokaci ke nan.

Wannan waƙa ɗaya ta cinye darasin gaba ɗaya. Da yara sama da arba'in ba zai yiwu in yi wa kowa haka ba, don haka na koya musu tambayar su riƙa yi wa juna: a ina, a kan me, wane launi, wace ƙara.

Laraba, 30 ga Oktoba

Mun buɗe kwali huɗu, damina, kaka, hunturu, bazara, kowa na kawo abin da ke nuna lokacin. Kaka ta fi cika: dami, kara, zoɓo, harawa, tonon gyaɗa. A bazara sun sa mangwaro da rijiyar da ta ja baya.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Wata sabuwar dabara ta ɓullo. Da sun ga ƙwaya ta rage a hannu sai su cike gurbin da dai, fa, ma, kam, kuwa. Wani ya kawo "Sanyi dai ya zo fa kam". Bakwai ne daidai, amma gurabe uku babu kowa a ciki. Na sa aka kwashe ƙwayoyin nan uku aka ajiye gefe, na ce ya sayi wani abu da su wanda za a iya gani. Ya dawo da "Sanyi ya fasa leɓe". San-yi ya fa-sa le-ɓe, bakwai, kuma kowa ya taɓa bakinsa. Ban haramta waɗannan ƙananan kalmomi ba, su ne gishirin maganarmu, amma duk wanda ya sa ɗaya sai ya faɗi aikin da take yi.

An kuma yi gardama a kan "Sanyi ya yi yawa yau". A rubuce bakwai ne, amma a bakin mai ita "yai" yake cewa, shida ke nan. Hukuncin da muka yanke: abin da baki ya faɗa shi ake ƙirgawa. Mai son "yai" ya rubuta "yai", yadda marubuta waƙoƙin Hausa ke yi in kari ya matse su. Mai son bakwai ya karanta "ya yi" a rarrabe.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ajin ba sa iya rubuta jimla. Littattafansu fayau. Na haɗa su biyu-biyu, mai faɗa da mai rubutawa, a sa sunan mai faɗa a ƙasan waƙa, sannan shi ma ya kwafe ta da hannunsa ko da zai kai tashi. Gaɓa 17 ba ta fi ƙarfin kowa ba.

Abin da na lura, masu kiwo da masu zuwa gona sun fi masu kyan rubutu ido. Wani da ke maimaita aji ya faɗi wannan:

An gama girbi
gawo ya fara ganye
shi kaɗai kore

Ya san abin da yawancin 'yan birni ba su sani ba, cewa gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya shigo ya yi sabo. Amma na nuna masa darbejiyar da muke zaune ƙarƙashinta, kore shar. Ɗangon ƙarshe ba gaskiya ba ne. Ya yi tunani ya mayar da shi "a tsakar gona". Da ya kwafe, haruffa biyu kawai na gyara masa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na kai wa malamin Arabiyyarmu gaisuwa, dattijo ne da ya karanci aruli, wato ilimin karin waƙa, na nuna masa waƙoƙin. Ya karanta ta sussuka sau biyu ya ce hoton ya yi, amma ƙidayarmu ta ba shi mamaki. Ya ce, "Malam, kuna lissafa gaɓa mai nauyi da marar nauyi kuɗi ɗaya?"

Na ce, Allah gafarta Malam, gaskiyarka. A Hausa gaɓa iri biyu ce. Marar nauyi baƙi ne da gajeren wasali. Mai nauyi kuwa ko wasalinta dogo ne, ko tagwai ne irin ai da au, ko an rufe ta da baƙi irin "rum". A kan wannan bambanci aka gina karin rubutattun waƙoƙinmu da aka ɗauko daga Larabci. Abin da ya ƙara ba shi mamaki shi ne da na gaya masa Japanawa ma kusan haka suke ƙirgawa. Dogon wasali biyu ne a wurinsu, n ta ƙarshen gaɓa ma ɗaya ce mai zaman kanta, shi ya sa Tokyo da muke ji gaɓa biyu su huɗu suke lissafa ta. Ashe ƙidayarsu ta fi kusa da ta Malam fiye da tawa.

Duk da haka ba zan sauya ba a wannan zangon, kuma na faɗa masa dalili. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo rubutu ɗaya ne, alhali a wannan lissafi na farko uku ne, na biyu huɗu. Sannan "gero" kaɗai huɗu ce, ta kusa cinye ɗangon farko. Yaran da makonni uku da suka wuce ke cewa ru-mu-bu ba zan ɗora musu wannan ba tukuna. Farashin shi ne haikunmu ta fi ta Japan tsawo a baki, na san da haka na kuma yarda.

Shi ya tuna mini cewa ajami yana nuna tsawon, da alif da wawu da ya, kuma kusan duk yaran nan suna zuwa makarantar allo. Ya ce zai zo ajin in lokacin ya yi.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Gara ta shiga kabad ɗin aji a ƙarshen mako ta cinye littattafai goma sha ɗaya, har da na yarinyar sussuka. Kabad ɗin a jingine yake da bango, ƙafafunsa a ƙasa, ta baya ta hau. Yarinyar ta yi kuka. Na ce ta faɗi waƙarta, ta faɗa ba tuntuɓe, sauran ma yawanci sun haddace nasu, muka sake rubutawa. Na sayo littattafai 6, ₦1,500, na karɓi tsohon bokitin fenti mai murfi a wurin maƙwabcina, a ciki za a riƙa ajiya. Jimlar kashewa ₦9,500.

Laraba, 13 da Litinin, 18 ga Nuwamba

Cire "saboda" da "shi ya sa". A ajiye abu biyu kawai, a tsaya numfashi ɗaya a tsakaninsu. Suna jin kamar sun bar magana a rataye, ana dai sabawa.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Hazo ya sauka. Wani ya rubuta "Hazo ya rufe / shamuwa kan tsamiya / ta ɗaga ƙafa". Kafin in buɗe baki aji ya ɗauka: ina ka ga shamuwa da hunturu? Ita da ke zuwa gab da damina ta tafi in ruwa ya ɗauke. Ya amsa cewa bai gan ta ba, sunan ne ya yi masa daɗi. Balbela ce a kan tsamiyar, ita ma gaɓa uku, aka musanya.

Wadda ta fi tsaya mini a rai yau ta wani yaro ce mai zuwa daga ruga:

Hazo da safe
muryar mai koko kawai
ba a ganin ta

Wannan ba a zana ta ba, kwaikwayon tallar aka yi.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Mun shiga sakakkiyar waƙa, kuma ranar ba ta yi kyau ba. Da na ce babu ƙidaya, wasu suka koma nasiha kai tsaye, wasu suka rubuta insha'i suka riƙa sauka layi duk inda takarda ta ƙare. Gurabe ne ke tilasta musu zaɓe, da aka ɗauke su sai komai ya kwararo.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Na sake shiri. Dokoki biyu suka rage: jarrabawar zane tana nan, kuma ɗango yana ƙarewa ne inda mai karatu ya ja numfashi. Mai waƙa ya karanta da ƙarfi, abokinsa na bin rubutun da fensir yana ja masa tsaye duk inda ya tsaya. Sannan a duba kowane ɗango, abu ɗaya ne a ciki ko biyu.

Wata ta rubuta labarin ɗibar ruwa a layi huɗu cunkushe, ya fara da "Kullum ina zuwa ɗibar ruwa domin taimakon iyaye abu ne mai kyau". Abokiyarta ce ta ce wannan ba ya zanuwa, aka soke. Ga abin da ya rage bayan an ja tsaye:

Layin jarkoki a bakin tuƙa-tuƙa
tawa ce ta tara
mai murfin leda.
Da layi ya zo kaina
ƙanina ya yi barci a baya
kansa yana bugun wuyana
duk sanda na danna.

Mun gwada haɗa "tawa ce ta tara mai murfin leda" a ɗango ɗaya, aka karanta duka biyun. A haɗe, murfin ledar yana wucewa ba a lura ba. A rabe, sai an tsaya an gan shi. Nan suka fara fahimtar cewa wurin yankan ma zaɓi ne, ba ƙarshen takarda ba.

Malamin Arabiyya ya leƙo ya saurara. Ra'ayinsa bai sauya ba, abin da babu kari babu ƙafiya a wurinsa zance ne mai kyau, ba waƙa ba. Ban ja da shi a gaban yara ba, kuma ina ganin yana da kyau su ji cewa malamai biyu na iya saɓawa a kan wannan.

Litinin, 2 ga Disamba

Bita don jarrabawa, babu waƙa. A shiftar yau masu rubuta "hanu" da "susuka" sun ragu sosai, yanzu suna jin han-nu da sus-su-ka kafin su rubuta. Na nuna wa hedimasta takardun.

Litinin, 9 ga Disamba

An kwafe waƙoƙi 34 a kwali, haiku 26, sakakku 8, muka rataye da igiya a cikin aji saboda iska. Ƙarin kwali 4 da ƙusa, ₦1,000, jimla ₦10,500. Yara bakwai ba su da ko ɗaya, yawancinsu waɗanda girbin wake da dawa ya ɗauke ne tun tsakiyar Nuwamba. Da su zan fara in an dawo, a gurabe, kafin a ci gaba.

Sakakkiyar waƙa ba ta samu lokacin da ya kamace ta ba, darasi biyu ba su isa ba, ita za ta ci watan Janairu. Na ba kowa aikin hutu ya zo da abu uku da ya gani na hunturu. A Fabrairu malamin Arabiyya zai zo da allonsa mu fara gaɓa mai nauyi da marar nauyi ta hanyar ajami, ƙwaya biyu a gurbin mai nauyi, ɗaya a marar nauyi. In sun kama, za mu gwada baiti ɗaya na ƙwar biyu, wato ɗango biyu, mai amsa-amo. Zan buƙaci littattafai 20 kuma, na rubuta wa ƙungiyar iyaye da malamai takarda ko za su ɗauki rabin kuɗin.